Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantun sakandare da masu horar da 'yan wasa na Damagaram kan lemon ƙara kuzari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamanmu, ranku ya daɗe. Mu ma'aikatan lafiya ne a nan Zinder, cikinmu akwai masu duba marasa lafiya, da masu jinya, da masu ba da magani a farmasi. Mun zaɓi mu rubuto muku ne saboda yaran da muke magana a kansu sun fi daɗewa a hannunku da rana fiye da hannun iyayensu, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a ƙofar makarantunku da bakin filayenku ake sayar da shi. Muna nufin lemon nan na gwangwani da na roba da ake kira mai ƙara kuzari, wanda yara ke ce wa enaji. Yana nan cikin firigon kantuna tun daga Birni har Zango da Sabon Gari, a jere da sauran lemo kamar duk ɗaya suke, alhali ba ɗaya ba ne. Lemo na yau da kullum galibi ruwan sukari ne da ɗan ƙamshi. Wannan kuwa an zuba masa sinadarin da ke aiki kai tsaye a kan ƙwaƙwalwa da zuciya, a ma'aunin da aka yanka wa babban mutum. Roƙonmu shi ne ku ɗauke shi yadda kuke ɗaukar magani, wanda ake auna shi da nauyin mai sha.

Bari mu fara da abin da ke ciki. Sinadarin shi ne kafeyin, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, shi ne ke cikin goro da kafe da ganyen shayi. Yawancin irin wannan lemo suna ɗauke da kusan miligiram 32 na kafeyin da giram 11 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yana da kafeyin miligiram 80 da sukari kusan giram 27, wato kusan cokali bakwai na shan shayi. Babbar roba mai rabin lita, idan haɗinta irin wannan ne, tana da kafeyin miligiram 160 da sukari giram 55, cokali goma sha uku da ɗoriya. Wani kamfani yakan rage, wani yakan ƙara, shi ya sa karanta jikin roba ya zama dole. A nan ne kuma ake yawan ruɗewa: adadin da aka rubuta galibi na mililita 100 ne kawai, ba na dukan robar ba. Wanda ya ga 32 a jikin roba mai rabin lita sai ya ninka sau biyar kafin ya san abin da yaro ya haɗiye. Idan kuma an rubuta cewa akwai guwarana a ciki, to wannan ɗan itace ne na ƙasar Barazil wanda ƙwayarsa ta fi ƙwayar kafe yawan kafeyin, ƙari ne a kan ƙari.

To nawa ne ya yi yawa? A shekarar 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ba da ma'aunin da ake yawan aiki da shi. Babban mutum mai lafiya, kada ya wuce miligiram 400 a yini, kada kuma ya wuce 200 a zama ɗaya. Mai juna biyu, 200 a yini. Yara da matasa kuwa, miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jikinsu a yini. Ku auna wannan da ɗaliban da ke gabanku. Yarinya mai kilo 40, iyakarta miligiram 120. Yaro mai kilo 50, iyakarsa 150. Dukansu biyu, roba ɗaya mai rabin lita ta riga ta tsallake musu iyaka tun ba su kurɓi shayi ba. Sukari kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wanda ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ke nan ga babba, kuma an fi so ya tsaya wajen giram 25. Wannan ma roba ɗaya ta cinye shi.

Za ku iya cewa, ai kakanninmu sun ci goro sun tsufa, kuma babu fadar da ba a ɗora butar shayi. Gaskiya ne. Bambancin yana cikin yadda abin ke shiga jiki. Goro yana da ɗaci, ana ɓantara ana taunawa a hankali. Shayi yana da zafi, ana sha a ƙaramin kofi, tsakanin na fari da na biyu akwai jira da hira. Ɗaci da zafi su ne linzamin da ke hana mutum ya yi wa kafeyin shan ruwa. Mai haɗa lemon kuzari ya cire linzamin nan gaba ɗaya: ya rufe ɗacin da sukari, ya sa iskar gas, mai kanti kuma ya sanyaya shi. Yaron da ya fito daga aji da ƙishirwar watan Afrilu yana iya kwankwaɗe rabin lita cikin minti uku, sau da yawa cikinsa babu komai tun safe. Aikin sukari na farko ke nan a wannan haɗi, shi ne ke buɗe wa kafeyin ƙofa ya shiga da yawa a lokaci guda.

Da ya shiga, hanji na tsotse shi kusan duka, kuma yana kai ƙololuwarsa a jini tsakanin minti talatin zuwa sa'a ɗaya. A jikin mutum akwai wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa muddin mutum na farke yana aiki. Shi ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa an gaji, shi ne kuma ke lallashin zuciya ta sassauta, yana buɗe jijiyoyin jini har da waɗanda ke ciyar da ita kanta zuciyar. Kafeyin ya yi kama da shi a siffa, sai ya je ya zauna a mazauninsa ba tare da ya isar da saƙon ba. Gajiyar tana nan, labarinta ne ba ya isowa. Da wannan birki ya saki, jiki sai ya ƙara fitar da sinadaran firgita, adirenalin da ɗan'uwansa noradirenalin, irin waɗanda ke tashi idan kare ya biyo mutum. Jijiyoyi su matse, tansiyo ya hau, zuciya ta riƙa bugu da ƙarfi. Wannan ne yaro ke ji yana cewa ya samu ƙarfi, alhali babu abin da aka ƙara wa tsokarsa. A 2015 likitocin cibiyar Mayo a Amurka sun ba manya 25 masu lafiya gwangwani ɗaya mai kafeyin miligiram 240, suka tarar noradirenalin a jininsu ya ƙaru da kusan kashi saba'in da huɗu cikin ɗari, tansiyo kuma ya hau da kusan kashi shida. Manya ke nan, a zaune, ba a rana ba.

Sukarin ma ba ya tsaya ga ɓoye ɗaci. Giram hamsin na sukari narkakke yana afkawa cikin jini da sauri, jiki kuma ya saki insulin mai yawa don ya kwashe shi. Kafeyin yana rage wa insulin kaifi na wasu sa'o'i, don haka sukarin kan daɗe a sama kuma jiki ya ƙara sakin insulin ɗin. Sarrafa wannan sukari kaɗai yana sa zuciya ta ƙara yawan jinin da take turawa, a daidai lokacin da kafeyin ya matse hanyoyin da jinin zai bi. Ku kwatanta da injin ban ruwa da aka ƙara wa wuta sannan wani ya taka tiyo. Bayan sa'a ɗaya ko biyu sukarin ya sauka, yaro ya ji kasala da yunwa, wani har hannunsa na rawa, sai ya ɗauka ƙarfin ya ƙare ya koma kanti. Amma sukarin ne ya wuce, kafeyin yana nan daram, na biyun a kansa zai hau.

Akwai wani wurin da sukari da kafeyin ke haɗuwa wanda ya fi damun mu, kuma ba a cika faɗar sa ba. Zuciya da lantarki take aiki. Kowane bugu yana farawa da ɗan tartsatsin da ke tashi daga samanta ya bazu zuwa ƙasa, bayan bugun kuma sai ƙwayoyin tsokarta su sake shiri kafin na gaba. Wannan sake shiri ya dogara ƙwarai da gishirin fotasiyam da ke cikin jini. Insulin yana tura fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Adirenalin ma haka yake yi. Gumi mai yawa, amai da gudawa suna fitar da shi waje. Idan ya yi ƙasa, lokacin sake shirin kan tsawaita, kuma a takardar awon lantarkin zuciya ana ganin haka a wata tazara da ake kira QT. Idan tazarar ta yi tsawo fiye da kima, wani tartsatsi na iya faɗowa tun zuciya ba ta gama shiri ba, bugun ya harɗe, ƙasan zuciya ya koma karkarwa maimakon tura jini. Mutum kan faɗi cikin daƙiƙoƙi. A wani gwaji da aka buga a 2019 a Amurka, an ba mutum 34 masu shekara 18 zuwa 40 kusan lita ɗaya ta lemon kuzari, kafeyin ɗinsa miligiram ɗari uku da 'yan kai, aka ga tazarar ta ƙaru da kashi shida zuwa takwas cikin dubu na daƙiƙa, kuma bayan sa'a huɗu ƙarin yana nan.

Mu faɗi gaskiya yadda take, don ba tsoratarwa muka zo yi ba. Wannan ƙari kaɗan ne, kuma zuciya mai cikakkiyar lafiya tana shanye shi. Babban mutum da ya sha ƙaramin gwangwani ɗaya da rana, a mafi yawan lokaci babu abin da zai same shi. Mutuwa daga wannan lemo ba ta da yawa. Matsalar ita ce a cikin kowace makaranta akwai yaran da zuciyarsu ba ta da wannan sarari, kuma su ma ba su sani ba. Kusan mutum ɗaya cikin dubu biyu ana haifar sa da doguwar tazarar QT. Kusan ɗaya cikin ɗari biyar yana da ciwon kaurin tsokar zuciya na gado, wanda yana cikin sanannun dalilan faɗuwar 'yan wasa a fili. Wasu suna da ƙarin wata hanyar lantarki a zuciya da ke sa bugu ya zabura ba gaira ba dalili. A ƙasarmu kuma sai a ƙara da yaran da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya lalata musu ƙofofin zuciya, da masu sikila, da masu ƙarancin jini bayan zazzaɓin cizon sauro, waɗanda zuciyarsu ta riga tana gudu don ta cike giɓi. A 2024 likitocin Mayo sun duba mutum 144 da zuciyarsu ta taɓa tsayawa farat ɗaya aka ceto su, suka samu bakwai daga cikinsu sun sha lemon kuzari dab da faruwar abin. Su da kansu sun ce wannan bai tabbatar da cewa lemon kaɗai ne sanadi ba, ya fi kama da abu na ƙarshe da ya hau kan rashin barci da ƙishirwa da zuciya mai rauni. Mu ma haka muke ganin sa. Amma tunda babu makarantar da ke auna lantarkin zuciyar ɗalibanta kafin su shiga aji, ba ku da hanyar sanin wane ne mai raunin.

Bari mu ɗauki misalin yini guda mu bi shi da lissafi, don a nan ne abin ke fitowa fili. Hanta tana buƙatar kimanin sa'a biyar kafin ta kawar da rabin kafeyin da ke jiki. A ce ɗalibi ne ɗan shekara goma sha biyar, nauyinsa kilo 45, jarrabawa ta matso, watan Mayu ne, zafi ya haura digiri arba'in. Iyakarsa ta yini miligiram 135. Da ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin hutun tsakiya, ya sayi roba mai rabin lita ya shanye ba tare da ya karya ba. Miligiram 160 sun shiga. Da ƙarfe huɗu, kafin a fita ƙwallo, akwai saura 80 a jikinsa, ya ƙara wata robar don ya ji ƙarfin gudu, yanzu yana ɗauke da 240. Da wannan zai shiga fili, inda gudu kaɗai kan kai bugun zuciyar ɗan shekarunsa kusa da ɗari biyu a minti, ga gumi na zuba, ga fotasiyam na raguwa ta hanyoyi uku. Da ƙarfe tara na dare saura 120. Kansa na sara saboda rana da ƙishirwa, sai ya karɓi ƙwaya biyu ta maganin ciwon kai wajen mai tebur, irin farasitamol ɗin nan da ake haɗawa da kafeyin miligiram 65 a kowace ƙwaya. Ya koma 250. Da ƙarfe biyu na dare yana kwance ido biyu da kusan 125 a jininsa, yana jin bugun zuciyarsa a kunne. Da safe ya tashi da saura wajen 60, jiki a mace, kai ba ya ɗaukar karatu, kuma maganin da ya sani shi ne wata robar.

Jimillar abin da ya shiga cikinsa a yinin miligiram 450 ne, ya ninka iyakarsa sau uku da ɗoriya, ya ma wuce ta babban mutum. Sukari giram 110. Ba mu lissafa shayin fada ko kafen mai shayi ba. Kuma babu wani mataki a cikin yinin nan da malami ko uba zai gani ya ce yaron ya yi wani abin da ba a saba ba. Irin wannan tarin ne ya kashe wani ɗalibi ɗan shekara goma sha shida a jihar Karolina ta Kudu a Amurka a 2017: ya sha kafe, ya sha babban lemo mai kafeyin, ya ɗora da na kuzari, duk cikin sa'a biyu, ya faɗi a aji, kuma jami'in binciken gawa ya danganta mutuwar da rikicewar bugun zuciya sanadin kafeyin.

Sa'a biyar ɗin nan ma matsakaici ne. Akwai magungunan da ke toshe hanyar da hanta ke bi ta kawar da kafeyin, babba cikinsu shi ne sifuro, wanda ake yawan sha don taifot da ciwon ciki, sau da yawa ba da takardar likita ba. Mai shan sa, kafeyin kan daɗe a jikinsa sosai fiye da yadda aka saba. Ƙwayar tazarar haihuwa ma kan kusan ninka lokacin, haka juna biyu. Wasu magungunan kuma su da kansu suna tsawaita tazarar QT: kinin, kulorokin, azitiromaisin, eritiromaisin, har shi sifuron. Maganin fuka na shaƙa yana ƙara gudun zuciya kuma yana rage fotasiyam. Ba muna cewa a bar maganin da likita ya rubuta ba, ko kusa, lemon za a bari har a gama shan magani. Sai kuma tiramol, wanda ba sai mun gaya muku yadda ya shiga cikin matasa ba. Shi kaɗai yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kafeyin mai yawa ma haka, jefa shi cikin robar enaji haɗa wuta biyu ne wuri ɗaya.

Masu horarwa, wannan sashe naku ne, ko kuna filin ƙwallo, ko wurin kokawa, ko inda samari ke ɗaga ƙarfe. Lemon kuzari ba ruwan maye gurbin gumi ba ne. Wanda aka haɗa don 'yan wasa sukarinsa kashi shida zuwa takwas ne cikin ɗari kuma yana da gishiri. Wannan nasa kashi goma sha ɗaya ne, ya yi kauri, yana daɗewa a ciki, yana jinkirta shigar ruwa jiki, shi ya sa wasu ke jin kumburi da tashin zuciya suna cikin gudu. Mafi muni, yana kashe jin gajiyar da ya kamata ta tsayar da yaro ya nemi inuwa. Abin da ɗan wasa ke buƙata a zafin Damagaram ruwa ne, kafin wasa da tsakiyarsa da bayansa. Idan gumi ya yi yawa, a jiƙa fakiti ɗaya na gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, cokali shida na shan shayi na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Dabino da ayaba suna mayar da fotasiyam, fura da nono kuma ta fi kowane gwangwani riƙe ciki. Da azumi a ƙara kula: buɗe baki da robar enaji a kan cikin da ya wuni babu ruwa, sannan a fita ƙwallon dare, ya tattara duk abubuwan da muka lissafa a sa'a guda.

Yaya za ku gane yaron da abin ya yi wa yawa? Hannu na rawa, ba ya iya zama wuri ɗaya, yana yawan fita fitsari, yana jin tashin zuciya, yana cewa gabansa na faɗuwa ko zuciyarsa na tsallake bugu. Ku zaunar da shi a inuwa, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ku ƙirga bugu na daƙiƙa talatin ku ninka biyu. Wanda ke hutawa, daga sittin zuwa ɗari ne daidai. Ku ba shi ruwa, ku tambaye shi abin da ya sha, nawa, da ƙarfe nawa, da wane magani, kuma ku ajiye robar. Idan bayan hutun minti goma sha biyar bugun yana sama da ɗari da ashirin, ko yana harɗewa ba tsari, a kai shi asibiti. Ciwon ƙirji, ƙuncin numfashi, amai da ya ƙi tsayawa, ruɗewa, jijjiga ko suma, waɗannan ba a jira da su ko minti ɗaya. Kada a ɗora shi a bayan kabu-kabu shi kaɗai, wani babba ya riƙe shi, kuma a tafi da robar don mu ga adadin.

Suma a tsakiyar gudu ta bambanta da sumar wanda ya daɗe tsaye a layi cikin rana. Yaron da ya faɗi yana cikin wasa, ko da ya farfaɗo ya ce garau yake, kada ya koma fili sai an yi masa awon lantarkin zuciya, kuma a nemi hakan a babban asibitin ƙasa na Zinder. A tambayi iyayensa ko a danginsu an taɓa samun wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi, a barci, ko a ruwa, ko a wasa. Sau da yawa irin wannan faɗuwa ana ce mata iska ko farfaɗiya, domin wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi 'yar jijjiga da wani numfashi mai kama da minshari, jifa-jifa. Wannan ba numfashi ba ne. Idan yaro ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda aka saba, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Mutum ɗaya ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 ya kuma nemo mota. Wani ya ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, gwiwar hannu a miƙe, ya riƙa dannawa zurfin santimita biyar, sau ɗari zuwa ɗari da ashirin a minti, yana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace danna. A riƙa canjin hannu duk minti biyu, kada a tsaya har a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, kada a ɓata lokaci wajen fifita da yayyafi. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu jini. Mai son yi masa addu'a ya yi, hannu na kan ƙirji.

Wanda ya riga ya saba sha kullum, kada a yi masa tsawa a ce ya bari yau. Idan ya yanke lokaci guda, ciwon kai da kasala da saurin fushi sukan fara bayan sa'a goma sha biyu zuwa ashirin da huɗu, su yi tsanani a kwana na biyu, su lafa cikin mako guda ko ƙari kaɗan. Yaron da ba a gaya wa haka ba zai ɗauka rashin lemon ne ciwonsa. A rage masa rabi na kwana huɗu ko biyar, a sake rage rabi, a fara da cire na yamma don barci ya dawo. Wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa kuma ba mafita ba ne, kafeyin ɗinsa yana nan cif.

Wasu ƙasashe sun riga sun sa doka. Lituwaniya ta hana sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas tun 2014, Latbiya ta bi a 2016, Folan a farkon 2024. A Tarayyar Turai duk irin wannan lemo da kafeyin ɗinsa ya wuce miligiram 150 a lita dole a rubuta masa gargaɗi cewa bai dace da yara da masu juna biyu da masu shayarwa ba, kuma za ku tarar da irin wannan gargaɗi da ƙananan haruffa a jikin da yawa daga waɗanda ke kantunanmu, cikin harshen da mai saye ba lallai ya karanta ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2011 ta ce bai kamata yara da matasa su sha shi ba sam.

Ku ba sai kun jira doka ba. Abin da ke cikin harabar makaranta a hannunku yake: ku hana sayar da shi a ciki, ku zauna da masu tebur da masu firigo na bakin ƙofa tare da kwamitin iyaye, a roƙe su da mutunci su daina miƙa wa mai kayan makaranta, ruwa da zoɓo da fura ma ciniki ne. Malamin lissafi da na kimiyya su kawo roba ɗaya mai rabin lita aji, kowane ɗalibi ya ninka nauyinsa da uku, ya karanta adadin da ke jikinta ya ninka da biyar, ya gwada su biyun da kansa, a kuma auna cokali goma sha uku na sukari a kofi a ajiye a gabansu. Masu horarwa su sa sharaɗi cewa wanda ya sha a ranar ba ya shiga fili, kuma kada a karɓi katan ɗinsa a matsayin kyautar gasa. A takardar shigar ɗalibi wasanni a ƙara tambaya uku: ko ya taɓa suma yana gudu, ko yana jin ciwon ƙirji idan ya motsa jiki, ko wani a danginsu ya rasu farat ɗaya kafin shekara arba'in. Sannan kowace makaranta da kowace ƙungiya ta ware aƙalla mutum biyu su koyi danna ƙirji, a nemi ma'aikatan cibiyar lafiya mafi kusa su koyar. Awa biyu ta isa, kuma ya fi kyau a yi shi kafin zafin Afrilu da jarrabawar ƙarshen shekara su haɗu.

Allah ya ƙara muku girma, ya raya mana yaran nan.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya a Zinder